Abokan Ƙarya a Aikin Haɗa Kalmomi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da malaman harshe suke yawan maimaitawa game da aikin nan na jeri biyu, inda ake ba ka kalmomin wani harshe a hagu, na wani a dama, a ce ka haɗa kowace da ma'anarta. Yawancin misalan daga Faransanci da Turanci suke, domin a tsakaninsu matsalar tana da yawa, sai kuma Larabci da Hausa.

1. Mene ne ake nufi da abokan ƙarya?

Kalmomi biyu ne daga harsuna biyu da suka yi kama a rubutu ko a furuci, amma ma'anarsu ta sha bamban. Ka ga kalma a baƙon harshe, ta yi maka kamar wadda ka sani, ka saki jiki da ita, ashe kama da wane ba ta wane. Misalin da aka fi bugawa shi ne *librairie* ta Faransanci da *library* ta Turanci. Ta Turancin ita ce laburare, inda ake zama a yi karatu ko a ari littafi. Ta Faransancin kuwa kantin sayar da littattafai ce, laburare kuma a Faransanci *bibliothèque* ake cewa.

Sunan ya yaɗu ne daga wani littafi da Maxime Koessler da Jules Derocquigny suka fitar a 1928, wanda ya tattara irin waɗannan kalmomi domin Faransawa masu fassara daga Turanci. A Faransanci *faux amis* suka kira su, sauran harsuna kuma suka fassara sunan.

2. Daga ina suke fitowa? Ai kama irin wannan ba ta rasa dalili.

Wani lokaci akwai dalili, wani lokaci babu. Mafi yawansu 'yan uwa ne na jini da suka rabu tun da daɗewa. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Turanci ya kwashi kalmomin Faransanci masu ɗimbin yawa, daga nan kowane harshe ya ci gaba da juya kalmar yadda ya ga dama. *Journée* a Faransanci yini ce. A da ana amfani da ita wajen faɗin aikin yini ko tafiyar yini, sai Turanci ya riƙe ɓangaren tafiyar ya saki na yinin, shi ya sa *journey* ta zama tafiya ko ta wata guda ce. Ita ma *librairie* a tsohon Faransanci tana nufin ɗakin ajiye littattafai, wato a nan Turancin ne ya riƙe tsohuwar ma'ana, Faransancin ya canza.

Akwai kuma kalmomin aro, inda harshe yake ɗaukar kalma ya taƙaita ma'anarta ko ya faɗaɗa ta (duba tambaya ta 9 da ta 10). Sai waɗanda kamarsu katari ce kawai. *Pain* ta Faransanci burodi ce, daga *panis* ta Latin, *pain* ta Turanci kuwa zafin ciwo ce, kuma tushensu ba ɗaya ba ne. Haka wake da rake da dare na Hausa suke da takwarorin rubutu a Turanci waɗanda ba abin da ya haɗa su. Irin waɗannan ba su cika kayar da kowa ba, domin nisan ma'anar ya yi yawa. Masu haɗarin su ne 'yan uwan jini, saboda ma'anoninsu suna zaune a unguwa ɗaya: littafi da littafi, tafiya da yini.

3. Me ya sa nake faɗawa tarkonsu a aikin haɗa kalmomi, alhali ba na yin kuskuren idan ina karanta labari?

Domin a cikin labari jimla tana tsare ka. Idan ka karanta cewa wani ya shiga *librairie* ya biya kuɗi ya fito da littattafai uku a leda, ko ba ka san kalmar ba za ka ji cewa ciniki aka yi. Aikin haɗa kalmomi yana cire wannan kariya gaba ɗaya. Kalma ce tsirara a hagu, wata tsirara a dama, ba abin da ke gabanta ko bayanta.

Ga kuma yadda ido yake aiki. Kana duba jerin dama ne kana neman abin da ya dace, kuma abin da ido ya fi saurin cafkewa shi ne siffar haruffa. Kafin ƙwaƙwalwa ta tuno ma'ana, ido ya riga ya ga *actuellement* da *actually* sun yi kama, hannu ya ja layi. Ta farkon tana nufin a halin yanzu, ta biyun kuma a gaskiya ko a zahiri. Mai tsara aikin ya san haka, sau da yawa ma da gangan ya ajiye kalmar a wurin.

4. Na yi kuskure a kalma ɗaya amma na rasa maki uku. Yaya aka yi?

Tsarin aikin ne ya jawo. Idan jerin hagu da na dama tsawonsu ɗaya, kuma kowace kalma sau ɗaya ake amfani da ita, ba zai yiwu ka faɗi guda ɗaya tak ba. Duk amsar da ka ɗora a wurin da ba nata ba, ka ƙwace ta ne daga mai ita, shi kuma dole ya karɓi ta wani. Mafi ƙarancin asara biyu ce. Abokan ƙarya kuma sukan zo a sarƙe, wannan yana jan wancan, shi ya sa asarar takan kai uku ko huɗu. Tambaya ta 5 ta nuna yadda sarƙar take tafiya.

Wannan yana da amfaninsa. Idan ka zo ƙarshe ka ga kalmomi biyun da suka rage ba su dace da juna ba ko kaɗan, kada ka haɗa su don dole. Alama ce cewa kuskuren yana can sama, kuma galibi yana wurin da ka fi saurin haɗawa.

5. To wace hanya zan bi? A nuna mini da misali.

Ga aiki mai kalmomi shida na Faransanci da amsoshi bakwai na Turanci, wato akwai rarar guda ɗaya. A hagu akwai *attendre*, *assister à*, *aider*, *rester*, *se reposer*, *demander*. A dama akwai *to attend*, *to rest*, *to demand*, *to wait*, *to help*, *to stay*, *to ask*. Mai gaggawa zai fara da waɗanda suka yi kama: *attendre* da *to attend*, *rester* da *to rest*, *demander* da *to demand*. Yana ganin ya ci uku a banza. Daga nan sai ya ga *assister à*, ya tuna *assist* ta Turanci taimako ce, ya ba ta *to help*. Yanzu *aider* da *se reposer* sun rage, a dama kuma sauran *to wait*, *to stay* da *to ask*, babu wadda ta dace da su. Duk abin da ya zaɓa ya faɗi. Shida cikin shida sun tafi, alhali mai yiwuwa ya san ma'anar *aider* sarai.

Hanyar da ta fi ita ce ka rufe jerin dama da hannu ko da takarda tukuna. Bi jerin hagu kaɗai, ka rubuta ma'anar duk wadda ka sani da Hausa a gefenta, ko ka tuno jimlar da ka taɓa jin ta a ciki. Sannan ka buɗe, ka fara da kalmomin da ba su da mai kama da su a ɗaya ɓangaren. *Aider* ba ta yi kama da kowace amsa ba, taimako ce, ka ba ta *to help*. Da ka yi haka, *assister à* ta rasa wannan amsar, dole ka sake tunani a kanta. *Se reposer* hutawa ce, ta ɗauke *to rest*, wanda ya nuna *rester* ba hutawa ba ce, zama ce a wuri, ta tafi ga *to stay*. Sauran uku a hagu da huɗu a dama. Wanda ya taɓa ganin *salle d'attente* a asibiti ko tashar jirgi ya san ɗakin jira ne, don haka *attendre* jira ce, *to wait*. Sai *to attend*, wato halarta, ta koma ga *assister à*.

Saura *demander* da amsoshi biyu, *to ask* da *to demand*. A nan cirewa ba za ta ƙara taimakonka ba, sai sani. *Demander* tambaya ce ko roƙo na yau da kullum, wanda yaro zai yi wa babba ba tare da rashin kunya ba. Neman abu da ƙarfi ko da tilas *exiger* ne. Amsar ita ce *to ask*, rarar kuma ita ce wadda ta fi kowace kama da kalmar. Ka lura da wannan, domin haka masu tsara jarrabawa suka saba yi: rarar amsa ba kasafai take zama baƙuwa ba, takan zama tagwayen wata kalmar hagu.

6. Ke nan duk kalmar da ta yi kama da wadda na sani in guje ta?

A'a, wannan ma wata asarar ce. Tsakanin Faransanci da Turanci kalmomin da suka yi kama kuma ma'anarsu ɗaya sun fi abokan ƙarya yawa nesa ba kusa ba: *nation*, *table*, *important*, *animal*, *musique*. Ɗalibin da aka tsorata har ya ƙi haɗa *gouvernement* da *government* ya bar makin da yake nasa. Abin da ake cewa shi ne a jinkirta masu kama zuwa ƙarshe, kamar yadda aka yi a tambaya ta 5, sannan a yi musu gwaji ɗaya: shin a cikin amsoshin da suka rage akwai wata da ita ma za ta iya zama ma'anar kalmar? Idan babu, haɗa ka wuce. Idan akwai, tsaya ka yi tunani.

7. Akwai alamun da za su nuna mini cewa wannan kamar ta yaudara ce?

Babu alamar da ba ta kuskure, amma akwai abubuwan da suke sa kunne ya tashi. Kalmomin kimiyya, likitanci da fasaha sun fi riƙon amana, domin harsunan sun ɗauko su daga Latin da Girkanci a kusan lokaci ɗaya da ma'ana ɗaya. Kalmomin yau da kullum, musamman aikatau da kalmomin da suke bayyana hali, su ne suka fi zamewa, saboda bakin mutane ya fi taɓa su. *Blesser* ji wa mutum rauni ne, ba sa albarka ba. *Sensible* a Faransanci mai saurin jin abu ne a rai ko a jiki, a Turanci kuwa mai hankali ne.

Duba kuma ƙananan abubuwan da aka maƙala wa kalmar. Mai tsara aiki ba ya rubuta *à* bayan *assister* don ado. *Assister quelqu'un* taimaka wa wani ne, *assister à* kuwa halartar taro ce ko kallon abin da ya faru. Haka *car* ita kaɗai tana nufin domin, *un car* kuma babbar motar fasinja ce mai dogon zango, kuma babu ɗayansu da yake nufin ƙaramar mota. Ajin kalma ma yana rage zaɓi: suna da suna, aikatau da aikatau.

Ƙarshen kalma yana da nasa labarin. Masu ƙarewa da *-tion* yawanci lafiya lau suke, amma a cikinsu ne ake samun *location*, wadda a Faransanci haya ce, da *déception*, wadda ɓacin rai ce na rashin samun abin da aka sa rai, ba yaudara ba. Waɗannan sai dai a san su ɗaya bayan ɗaya.

8. Na duba ƙamus na ga amsata ma daidai ce, amma malam ya soke ta. Wa ke da gaskiya?

Mai yiwuwa ku duka biyun. Akwai kalmomin da abotarsu rabi ce: sun haɗu a wata ma'ana, sun rabu a wata. *Monnaie*, mai kama da *money* ta Turanci, tana nufin kuɗin ƙasa da kuma canji, amma kuɗi a dunƙule *argent* ne. *Conférence* tana iya zama babban taro kamar *conference*, tana kuma iya zama lacca. Idan a jerin dama akwai *lecture* da *conference* duka biyu, sai ka duba wace kalmar hagu ce take buƙatar ɗayarsu. Ka kuma kula, *lecture* ta Faransanci karatu ce.

Ƙa'idar aikin ita ce a sami tsarin da kowace kalma ta sami abokiyarta, ba wai kowace ta sami amsar da za a iya karewa ita kaɗai ba. Idan amsarka ta bar wata kalma ba ta da wurin zuwa, malam ya fi ka gaskiya. Idan kuwa za a iya musanya amsoshi biyu komai ya zauna daidai, laifin na aikin ne, kuma ya kamata ka nuna masa cikin ladabi (duba tambaya ta 12).

9. Ni Larabci nake koyo. Tunda Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Larabci, ba sauƙi na samu ba?

Ka samu, amma a nan ne Bahaushe ya fi sakin jiki. Ɗauki fassara. A Hausa juya magana ce daga harshe zuwa harshe. A Larabci *fassara* bayyana ma'ana ce da warware ta, daga nan tafsiri ya fito, juya harshe kuwa *tarjama* ne. Idan aikin ya kawo *fassara* a hagu, a dama kuma akwai "ya yi bayani" da "ya juya zuwa wani harshe", kunnen Hausa zai kai ka ga ta biyun, amsar kuwa ta farkon ce. Fitila ma haka: *fatila* a Larabci lagwani ce kawai, Hausa ta ba wa abin gaba ɗaya sunan ɓangarensa. *Hukuma* a Larabcin yau gwamnati ce, mu kuwa mun fi kiran ma'aikata ko wata cibiya da ita. *Sa'a* awa ce ko agogo, ba ta ɗauke da ma'anar dace da muke nufi idan muka ce wane ya yi sa'a. *Khaɗar*, inda hatsari ya samo asali, tana nufin abin da ake tsoron aukuwarsa, amma karon mota da ya riga ya faru *hadis* ne mai dogon wasali a gaɓar farko, wanda shi ma bai kamata a rikita shi da hadisi ba.

Wannan na ƙarshe ya kawo mu ga matsala ta biyu, wato tsawon wasali. Rubutun boko ba ya nuna shi, don haka idonmu bai saba nemansa ba, alhali a Larabci yana raba kalmomi. شارع titi ne, شريعة shari'a ce. جامع masallacin Juma'a ne, جامعة jami'a ce, kuma babu ɗayansu da yake nufin jami'in gwamnati. Kafin ka ja layi, duba inda alifi, wawu ko ya'u suka zauna, da ko akwai ta'u a ƙarshe.

10. Kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci da Faransanci fa?

Su ma suna yi. Mota daga *motor* ta fito, amma *motor* a Turanci ta fi nufin inji. Kanti daga *canteen* ne, wadda wurin cin abinci ce a makaranta ko ma'aikata. Biro ya fi ban sha'awa, domin ya shigo ta ƙofa biyu: a Hausar da ta yi cuɗanya da Turanci abin rubutu ne, a wadda ta yi cuɗanya da Faransanci kuwa ofis ne, daga *bureau*. Mai koyon harshe na uku yana da ƙarin nauyi, domin tarkon yana iya zuwa daga kowane harshen da ya riga ya sani. Mai Turanci da ya fara Jamusanci zai ga *Gift* ya ɗauka kyauta ce, alhali guba ce.

11. Na haddace dogon jerin abokan ƙarya, amma a jarrabawa sai in sake rikicewa. Me ya kamata in canza?

Yadda ka rubuta jerin ne matsalar. Idan ka rubuta "*rester* ba *rest* ba ce", ka ƙara ɗaure kalmomin biyu ne a ƙwaƙwalwarka, kuma a cikin zafin jarrabawa "ba" ɗin ce take fara ɓacewa. Kowane abokin ƙarya kalmomi huɗu ne, ba biyu ba, kuma sai ka cike duka gurabun: *rester* tana tafiya da *stay*, *rest* tana tafiya da *se reposer*. Muddin *rest* ba ta sami tata abokiyar ba, za ta ci gaba da komawa wurin *rester*.

Sannan ka ba kowace kalma gajeriyar jimla wadda ma'anar ƙaryar ba za ta iya shiga ba. *J'attends le bus depuis une heure*, ina jiran bas tun awa guda: ba a halartar bas, don haka jimlar da kanta tana korar kuskuren. Idan kana amfani da katunan bita, ka gwada kanka ta fuska biyu, daga baƙon harshe zuwa wanda ka sani da kuma akasin haka, ka kuma rarraba bitar a kan kwanaki maimakon zama ɗaya. Jerin da ya fi amfani shi ne na kalmomin da suka taɓa kayar da kai, ko da goma ne. Wajen duba ƙamus kuma kada ka tsaya a ma'anar farko. Karanta misalan, sannan ka juya ka nemi kalmar da aka ba ka a ɗaya ɓangaren ƙamusun, ka ga ko za ta dawo da kai inda ka fito.

12. Ni malami ne. Ya dace in riƙa sa abokan ƙarya a aikin da nake ba ɗalibai?

Ya dace, bayan ka koyar da su. Idan ɗalibi ya fara haɗuwa da *journée* a cikin jeri kusa da *journey*, abin da zai fara shiga kansa shi ne haɗin da ba daidai ba, kuma cire shi ya fi sa shi wuya. Fara da kalmar a cikin jimla, a yi amfani da ita, sannan a kawo tarkon a matsayin gwaji. Ga masu farawa, ɗaya ko biyu a cikin aiki mai kalmomi takwas sun isa. Aikin da ke tambaya ta 5 an cika shi da tarko ne don nuni, ba don a ba ɗan aji ɗaya ba.

Ka sa amsoshi su fi tambayoyi yawa da biyu ko uku, domin kada ta ƙarshe ta zama kyauta, kuma kada kuskure ɗaya ya zama dole ya haifi na biyu (duba tambaya ta 4). Ka sa jerin ya zama aji ɗaya, aikatau zalla ko sunaye zalla, in ba haka ba nahawu ne zai ba da amsa. Kalma mai rabin abota, irin ta tambaya ta 8, ka rubuta ta da abin da zai tsayar da ma'anarta: *passer un examen* maimakon *passer* kaɗai, domin a gane zaman jarrabawa ake nufi, cin ta kuwa *réussir* ne. Kafin ka raba takardar, ka ba wani malami ya yi aikin ba tare da ganin amsoshinka ba. Idan ya fito da wani tsarin da shi ma ya zauna daidai, sai ka sauya ɗaya daga cikin kalmomin da suka yi karo.